Littafin da Babu Shi: Yadda Ake Gane Rubutun Na'ura Daga Manazartarsa

A shekarar 2023 wani lauya a birnin New York, Steven Schwartz, ya kafa hujja da tsofaffin shari'o'i a ƙarar da wani fasinja ya shigar da kamfanin jiragen sama na Avianca. Lauyoyin kamfanin suka nemi shari'o'in, shida daga ciki suka ce ɗauke mu inda kuka ajiye. Ashe manhajar ChatGPT ce ta ƙirƙiro su, har da sunayen alƙalai da lambobin shafi. Alƙali Kevin Castel ya ci lauyoyin mai ƙara tarar dala 5,000. Ba salon rubutu ne ya tona asirin ba. Wani ne ya tashi ya je duba abin da aka ce yana nan, ya tarar babu.

Wannan ita ce hanya mafi ƙarfi da malami yake da ita idan maƙalar ɗalibi ta ba shi shakku. Akwai manhajojin da ake cewa suna gane rubutun na'ura, amma dogaro da su ganganci ne. Kamfanin OpenAI da kansa ya rufe tasa a watan Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta, kuma wani bincike na Jami'ar Stanford a wannan shekarar ya nuna irin waɗannan manhajoji sun fi ɗora zargi kan waɗanda Turanci ba harshensu na gado ba ne, wato irin ɗalibanmu. Manazarta kuwa ko dai tana nan ko babu.

Me ya sa na'urar take ƙirƙira? Asalin aikinta hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya ne, bisa ɗimbin rubutun da aka horar da ita da shi. Ta san siffar manazarta sarai: sunan marubuci, shekara, take, mujalla, shafi. Idan ba ta riƙe ta gaskiya ba, sai ta cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya. Kuma abin ya fi tsanani a fagen da rubutunsa bai yawaita a intanet ba, irin adabin Hausa.

A ce ɗalibi ya kawo maƙala kan tarihin ƙagaggun labaran Hausa. Jimlolin sumul, babu tuntuɓe. Ya ambaci gasar da Rupert East ya shirya a 1933, daidai. Sai kuma ya ce Abubakar Imam ne ya rubuta Shaihu Umar, alhali na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, Imam kuwa Ruwan Bagaja ya shigar a gasar. Malami ya ja layi a nan, amma kada ya yi saurin yanke hukunci. Abubakar biyu ne a gasa ɗaya, ɗalibin da ya yi karatun dare yana iya cakuɗa su. Kuskuren mutum yawanci yana da asali, za ka iya bin sawunsa zuwa littafin da ya karanta a gurguje ko bayanin aji da ya ji rabi. Kuskuren na'ura sau da yawa ba shi da tushe: cikakken kwanan wata ga taron da ba a taɓa yi ba, ko doguwar magana cikin alamar zance da aka jingina wa marubuci, ka bi littafin shafi-shafi ba ka gan ta ba. Duk da haka, kuskure ɗaya ko biyu dalilin ci gaba da bincike ne kawai.

Sai a juya shafin ƙarshe. A ce ɗalibin ya jingina wa Graham Furniss wata maƙala a mujallar Research in African Literatures, juzu'i na 14, shekarar 1996. Komai a nan yana da ƙamshin gaskiya. Furniss masanin adabin Hausa ne, kuma a 1996 ɗin ya fitar da littafinsa Poetry, Prose and Popular Culture in Hausa. Mujallar ma tana nan. Amma ta fara fitowa a 1970, juzu'i ɗaya kowace shekara, don haka juzu'i na 14 na 1983 ne, na 1996 kuwa shi ne na 27. Wannan saɓani yana iya zama tuntuɓen yatsa, shi ya sa ake buɗe jerin abubuwan da ke cikin juzu'an biyu a JSTOR. Idan taken bai fito a ko ɗaya ba, sai a saka shi cikin alamar zance a Google Scholar. Idan littafi ne, a duba WorldCat, wanda ya tattara rajistar dubban ɗakunan karatu na duniya.

Idan manazartar tana ɗauke da lambar DOI, wadda kullum take farawa da 10., aikin minti ɗaya ne. A rubuta doi.org/ a biyo da lambar. Ta ƙarya ko dai ta kai ka shafin da ke cewa "DOI Not Found", ko ta buɗe wata maƙala dabam da ba ruwanta da Hausa. A ganina ta biyun ta fi tona asiri, domin wanda ya riƙe takarda a hannu da wuya ya kwafo lambar wata.

Sai dai a nan ne malamin Hausa yake buƙatar taka-tsantsan fiye da takwaransa na Turai. Rashin ganin abu a intanet ba ya nufin babu shi. Kundayen digiri masu yawa suna jere a kantocin Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, ba su taɓa hawa intanet ba. Haka tsofaffin fitowar mujallar Harsunan Nijeriya, da takardun tarukan ƙara wa juna sani da aka buga da tafireta. Irin waɗannan sai a tambayi ɗakin karatun sashen, ko malamin da aka ce shi ya duba kundin. Akwai kuma ɗalibin da ya kwafo jerin manazarta daga kundin wani na gaba da shi, da kurakuransa duka. Laifi ne, amma ba na'ura ba ce. Abin da yake da nauyi shi ne yawa da kama: a cikin manazarta goma sha biyu a sami biyar, dukkansu sunan masani na gaske, mujalla ta gaske, take na ƙarya, kuma a mujallun da jerin abubuwan cikinsu yake a buɗe ga kowa.

Tsabtar manazarta ma ba ta wanke maƙala. Sabbin manhajojin suna iya leƙa intanet su kawo littattafai na gaske. Abin dubawa a nan shi ne ko shafin da aka ambata ya faɗi abin da aka jingina masa. A zaɓi uku a buɗe, ba sai an bi duka ba.

Daga nan sai a kira ɗalibin ofis, ba a gaban 'yan aji ba. Malami ya ce masa, "Wannan maƙalar ta Furniss ta ba ni sha'awa, a ina ka same ta? Kawo mini kwafi gobe." Wanda ya karanta zai tuna ko hoton shafuka wani ya turo masa a waya, ko kwafi ya yi a bakin ƙofar makaranta. A tambaye shi me marubucin ya ce a taƙaice, a nemi daftarinsa na farko da littafin da ya yi ta ɗaukar bayanai a ciki. Idan lamarin ya kai gaban kwamitin ladabtarwa, malami ya rubuta abin da ya tabbatar kaɗai: manazarta kaza an neme su a wurare kaza ba a samu ba, an ba ɗalibi wa'adi ya kawo, bai kawo ba. Ƙirƙirar madogara laifi ne mai zaman kansa a aikin ilimi, ko ɗalibin ya amsa ya yi amfani da manhaja ko ya musanta.