Kafin a miƙa wa ɗalibin jami'a takardar tambayoyi

Kamar yadda muka sanar a taron safe, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makaranta tana shirin wani ɗan bincike a hutun nan. Muna so mu ji daga bakin ɗaliban jami'a 'yan aji ɗaya yadda suka shirya wa jarrabawar JAMB, domin 'yan ajinmu na ƙarshe su amfana. Mun ɗauka rubuta tambayoyin ne babban aiki, ashe 'yan layukan gayyata da ake sawa a saman takardar sun fi ba da wuya. Sau uku malamin da ke kula da ƙungiyarmu yana dawo mana da su da jan biro.

Ga abin da muka fara rubutawa: "Don Allah a taimaka a cike wannan takarda. Muna so mu nuna cewa biyan kuɗin darasin share fage asara ce. Minti 2 kacal za ta ɗauka. Sirrinka a rufe yake." Mu dai a ganinmu ta yi kyau, ga ladabi ga gajarta. Malam ya karanta ya ce jimla huɗu ce, ta farko ce kawai ba ta da laifi.

Matsalar jimla ta biyu ita ce mun faɗi amsar da muke so tun ba a tambayi kowa ba. Ɗalibin da ya biya kuɗin darasi kuma ya ji daɗinsa zai ga ba da shi ake ba, ya ajiye takardar. Wani kuma zai cike, amma ya karkata amsarsa don ya faranta mana, musamman da yake mu ƙannensa ne. A ƙarshe sai mu tattara takardu mu ce bincike ya tabbatar da ra'ayinmu, alhali mu muka shuka shi. Abin da ake faɗi a gayyata shi ne batun da ake bincike a kai, da wanda ke yi, da inda sakamakon zai je. Hasashen mai bincike kuwa ya bar shi a cikinsa. Wannan ba ɓoye gaskiya ba ne, muddin ba a yi ƙarya game da batun ba. Ƙarya ita ce a ce bincike ne na makaranta alhali lambobin waya ake tarawa don a tallata wani darasi.

Sai maganar minti 2. Gaskiya ba mu auna ba, mun dai ga haka ake rubutawa. Malam ya sa muka nemo tsofaffin ɗaliban makarantar nan biyar da suka zo hutu, muka ba kowa takardar mai tambaya 22, muka duba agogo ba tare da mun yi musu bayanin komai ba. Suka gama a minti 9, 11, 12, 12 da 16. Ko mafi saurinsu ya ninka alkawarinmu fiye da sau huɗu. Da muka duba inda lokacin ya tafi, sai muka ga tambayoyin zaɓi ba sa cin komai, mutum ya karanta ya sa alama ya wuce. Masu cin lokaci su ne waɗanda ake cewa "yi bayani", da kuma masu sa mutum lissafi, irin su "nawa ka kashe gaba ɗaya tun daga rajista har ranar jarrabawa?" Muka rage tambayoyin zuwa 14, muka bar ta bayani guda ɗaya tak a ƙarshe, ta kuɗi kuma muka mayar da ita zaɓi. Sannan muka gwada da wasu mutum biyar dabam, domin na farko sun riga sun san tambayoyin, saurinsu ba zai zama ma'auni ba. Wannan karon aka samu minti 6, 7, 7, 8 da 10. Shi ya sa gayyatarmu ta ce kimanin minti 8, wasu kan kai 10.

Wani daga cikinmu ya ce ai idan aka rubuta minti 8 mutane za su gudu. Wasu za su gudu, ba musu. Amma wanda ya gudu tun farko bai ɓata mana komai ba. Mai ɓata bincike shi ne wanda aka ce masa minti 2, ya kai minti 5 bai ga ƙarshe ba, ga lacca tana jiransa. Ana gane takardarsa da gani: shafin farko a cike tsaf, na ƙarshe fari fat, ko kuwa ya bi layi ɗaya yana sa alama a akwati na farko tun daga sama har ƙasa. Irin wannan takarda ta fi wadda ba a cike ba haɗari, don ana iya ƙirga ta a matsayin amsa ta gaskiya.

Inda muka fi daɗewa shi ne "sirrinka a rufe yake". Malam ya tambaye mu, a rufe daga wa? Muka yi tsuru-tsuru. Ashe alkawari iri biyu ne ake cakuɗa su. Na farko shi ne mu kanmu ba za mu san wanda ya ba da amsa ba, domin babu suna, babu lambar rajista, babu lambar waya. Na biyu shi ne mun san ko wane ne, amma ba za mu faɗa wa kowa ba. Dukansu halal ne a bincike, sai dai dole a faɗi wanda ake nufi. Takardarmu ta farko tana da gurbin suna da lambar waya a ƙasa, ga ta kuma tana tambayar makin da mutum ya ci cikin 400 da sau nawa ya zauna jarrabawar. Ɗalibin da sai a zama na uku ya samu shiga ba lallai ya so ƙannen unguwarsu su sani ba.

Mun cire suna muka ce shi ke nan. Malam ya ce da sauran rina a kaba. Ya ce mu duba tambayoyi huɗu na farko: jinsi, sashen karatu, garin haihuwa da shekaru. A ce mace ce, 'yar garin nan, tana aji ɗaya a sashen injiniyan lantarki, shekarunta 19. Mutum nawa ne haka? Wataƙila ita kaɗai ce, kuma rabin masu karanta allon nan sun san gidansu. Ba ta rubuta suna ba, amma tambayoyinmu sun rubuta mata. Maganin shi ne a faɗaɗa gurbin amsa. Maimakon sashe muka sa manyan rukunoni, wato kimiyya da fasaha, lafiya, ilimi, shari'a da sauransu. Shekaru muka yi su rukuni, 18 zuwa 20, 21 zuwa 23, 24 zuwa sama. Maki ma haka, ƙasa da 200, 200 zuwa 249, 250 zuwa sama. Garin haihuwa kuwa muka cire shi baki ɗaya, da yake ba abin da zai ƙara wa 'yan ajinmu na ƙarshe. Mun kuma yi wa kanmu doka cewa duk rukunin da bai kai mutum 5 ba, ba za mu buga sakamakonsa shi kaɗai ba, sai mu haɗa shi da wani.

Masu son a aika tambayoyin ta waya su lura da abu biyu. A Google Forms akwai wurin da aka rubuta "Collect email addresses". Idan yana kunne, kowace amsa za ta zo da adireshin mai ita, alkawarin rashin suna ya rushe ke nan. Akwai kuma "Limit to 1 response", wanda ke hana mutum cikewa sau biyu, amma yana tilasta masa shiga da asusunsa na Google. Wannan shi kaɗai ba ya nuna wa mai bincike adireshin, sai dai mai amsawa bai san haka ba, don haka a faɗa masa a gayyatar. Mu dai takarda muka zaɓa. Kowa zai naɗe tasa ya jefa a kwalin da aka liƙe, ba za a buɗe ba sai an gama. Wannan ma yana da iyakarsa: da zarar takarda ta faɗa kwali ba za a iya zaro ta ba ko da mai ita ya sauya ra'ayi, tunda ba mu san wacce ce tasa ba. Shi ma mun rubuta shi.

Za ku lura rukunin shekarunmu ya fara daga 18. Da gangan ne. Ana iya shiga jami'a a Nijeriya da shekara 16, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ce sai da amincewar iyaye ko mai riƙo kafin a dogara da yardar yaro wajen tattara bayanansa. Ba mu da halin bin gidaje neman izini, shi ya sa muka taƙaita ga waɗanda suka cika 18. Sannan shugaban makarantarmu zai rubuta wa ofishin harkokin ɗalibai na jami'ar wasiƙar neman izini kafin mu taka ƙafa. Mun kuma ƙi shawarar a ba wani malamin jami'a ya raba mana a aji, duk da ta fi sauƙi, domin ɗalibi ba ya iya ce wa mai ba shi maki a'a.

Ga gayyatar da Malam ya sa wa hannu a karo na huɗu:

"Assalamu alaikum yayyenmu. Mu 'yan Ƙungiyar 'Yan Jarida ne na wata makarantar sakandare, sunanta da na malaminmu suna ƙasan wannan shafi. Muna tambayar ɗalibai 'yan aji ɗaya, masu shekara 18 zuwa sama, yadda suka shirya wa jarrabawar JAMB. Za mu liƙa taƙaitaccen sakamakon a mujallar bangon makarantarmu domin 'yan ajin ƙarshe. Tambayoyi 14 ne, mun gwada sun ɗauki kimanin minti 8, wasu kan kai 10. Ba ma neman suna, lambar rajista ko lambar waya, don Allah kada a rubuta su. Mu shida da malaminmu ne kawai za mu ga takardun, kuma za a ƙone su a ƙarshen zango mai zuwa. Cikewa ba dole ba ce, ana iya tsallake kowace tambaya ko a daina a tsakiya. Amma idan takarda ta shiga kwali ba za mu iya gane ta mu dawo da ita ba. Mai tambaya ya tuntuɓi malaminmu. Mun gode."

Ta ninka ta farko tsawo sau da yawa, amma mun karanta ta da agogo ba ta kai minti ɗaya ba. 'Yan ajin ƙarshe da ke da tambayar da suke so a yi wa yayyen namu su kawo ta ofishin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Sai dai a sani, duk tambayar da ta shiga sai wata ta fita, don 14 ɗin nan muka yi alkawari.