Yadda Ake Tsara Nunin Kaya: Darasi Daga Buhun Adana Wake

Yawancin masu tallar sabon kaya a gaban jama'a suna faɗuwa ne tun a minti biyun farko. Mutum zai ɗaga kayan sama, ya faɗi sunan kamfani, ya lissafa amfani goma, alhali babu wanda ya riga ya ji cewa yana da buƙatarsa. Nuni mai kyau ana rubuta shi a takarda kafin a fita, kuma daga ƙarshe ake fara rubuta shi: me nake so idon jama'a ya gani kafin su watse? Duk maganar da ba ta kai ga wannan abin ba, sai a soke ta.

Misalin da ya fi fito da wannan a ƙasarmu shi ne buhun PICS na adana wake. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na Maroua a Kamaru suka fara aikinsa a ƙarshen shekarun 1980, sannan daga 2007 aka yaɗa shi a ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ciki har da Najeriya da Nijar. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa ɗaya. Idan aka ɗaure su da kyau, ƙwarin da ke cikin waken suna shanye iskar da ta rage, su daina ci, daga baya su mutu, ba tare da an zuba magani ba. Wahalar tallarsa ita ce sakamakon ba ya fitowa a ranar. Sai an jira watanni. Saboda haka aka riƙa yin nunin a zama biyu, ranar ɗaure buhu da ranar buɗe shi, kuma takardar mai nuni dole ta ɗauki duka biyun.

Kashin farko na takardar na matsala ne, kuma buhun yana ɓoye har a gama shi. Mai nuni ya zo da kwano biyu, ɗaya da wake lafiyayye, ɗaya da waken da ƙwari suka huda ya fara zama gari. Ya miƙa na biyun ga dattijon da ke gaba, ya ce: "Baba, don Allah duba mana wannan. Idan aka kawo maka shi kasuwa, nawa za ka sayi mudu?" Daga nan ya yi shiru. Shirun ma a rubuta shi a takardar, domin masu nuni da yawa suna tsoron shiru, su amsa tambayar da bakinsu, su ɓata ta. Kuɗin da dattijon ya faɗa ya fi kowace ƙididdigar da za a karanto daga littafi, tunda daga bakin ɗan gari ya fito. Tambaya ta biyu ta matan gida ce: "Hajiya, wake yakan yi wata nawa a ɗakinki kafin ya koma haka?" Minti uku sun isa wannan kashin.

Bayansa sai a taɓa abin da mutane suke yi yanzu. Wasu suna sayarwa da kaka lokacin da farashi ya faɗi, wasu suna zuba magani. A nan akwai gaskiya ɗaya da ta cancanci shiga: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Jimla ɗaya ta wadatar. Kada a mayar da wurin zaman wa'azi, kuma kada a kunyata wanda ke zuba maganin, domin yana zaune a cikin taron, kuma shi ne babban mai saye.

Yanzu ne buhun zai fito. A ganina wannan kashin ne ya fi buƙatar rubutu a tsanake, kuma gara a raba shafin gida biyu: dama abin da hannu ke yi, hagu abin da baki ke faɗa. Hannu ya cika leda da iska ya matse bakinta, baki ya ce, "Ku saurara, idan akwai huji za mu ji iska tana fita." Hannu ya sa leda cikin leda, ya sa su cikin buhun saƙa. A zuba busasshen wake wanda aka sheƙe, ana girgizawa don ya zauna. A matse iskar da ta rage a sama, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa shi, a ɗaure. Ta biyu ma a ɗaure ta daban, sannan buhun waje. Kowane mataki da jimlarsa guda. Idan maganar ta fi aikin tsawo, jama'a za su koma kallon bakin mai nuni su bar hannunsa, alhali hannun ake so su koya.

Da an gama, sai a kira wani daga cikin taron ya ɗaure buhu na biyu da kansa, mai nuni yana gefe hannunsa a baya. A nan ake gane ko nunin ya shiga. Idan mutumin ya haɗa ledojin biyu ya ɗaure su tare, to ba a fito da wannan matakin da kyau ba, kuma takardar ce ke buƙatar gyara kafin ƙauye na gaba.

Abin da ake yawan mantawa shi ne buhun kwatanci. Daga tarin waken nan guda, a gaban kowa, a cika buhu na gargajiya a ajiye shi a ɗaki ɗaya da na PICS. In babu shi, ranar buɗewa wani zai ce ai bana ƙwari ba su yi yawa ba, kuma babu amsar da za a ba shi. A rubuta kwanan wata a jikin kowane buhu, a bar su a hannun wanda gari ya amince da shi, mai unguwa ko shugabar ƙungiyar mata, a sa ranar dawowa bayan wata huɗu zuwa shida. Kafin a ɗaure kuma a ɗebi ƙwayar wake ɗari, a ƙirga masu huji, a rubuta adadin.

Ranar buɗewa takardar mai nuni ta fi gajarta. Ba shi zai kwance igiya ba. Mutum biyu daga taron su ɗebi ƙwaya ɗari-ɗari daga kowane buhu, su zuba a faranti, su ware masu huji, su faɗi adadin da murya a ji. Sai a gwada shi da wanda aka rubuta ranar farko. Daga nan a zagaya da farantan, a sake tambayar kuɗin mudu. Sakamako ɗaya ake nema, wanda za a iya ƙirgawa. Zancen ɗanɗano da ingancin iri da sake amfani da buhun baɗi, a bar su sai an tambaya.

Iyakar kayan ma tana da wurinta a takardar, kafin a ambaci farashi. Buhun ba ya toshe hujin da ƙwaro ya riga ya yi. Waken da bai bushe ba zai lalace a ciki. Ɓera zai iya huda ledar, don haka a ɗora buhun a kan katako nesa da bango, kuma a daina buɗe shi kullum ana ɗiba. Mai nunin da ya ɓoye waɗannan zai sayar a yau, amma buhun farko da ya lalace zai rufe masa ƙauyen.

Layin ƙarshe na takardar ya ƙunshi abu uku kawai: nawa ne buhun, a wane shago ake samunsa, wace rana ce kasuwar. Kafin ka sa ranar nuni, ka je shagon da ƙafarka ka tabbatar akwai kayan a ciki.