Kuɗin inshorar lafiya: yadda za ka bincika ko lissafin da aka biya ka daidai ne

Ma'aikata da yawa a nan Kamaru, musamman na kamfanoni da na wasu makarantu masu zaman kansu, suna da inshorar lafiya, wadda a bakinmu muke cewa asirans. A jikin takardar an rubuta kashi 80 cikin 100. Sai mutum ya kashe sefa 250,000 a asibiti, ya lissafa a ransa cewa 200,000 za su dawo, amma in kuɗin suka shigo sai ya ga 160,800. Daga nan sai zargi: wai kamfani ya ci kuɗi. Wani lokaci kuskure ne na gaske, wani lokaci kuwa lissafin daidai yake, kuma da alƙalami da takarda ana iya bambancewa cikin minti goma.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne, kashi 80 ɗin nan ba a kan jimlar da ka biya ake ɗora shi ba. Ana ɗora shi a kan abin da ya rage bayan an yi zaftare iri biyu. Na farko, kamfani zai tace takardun asibitin ya fitar da adadin da ya amince da shi. Na biyu, zai cire wani ƙayyadadden kuɗi da yarjejeniya ta ce naka ne ka ɗauka kafin shi ya sa hannu, wanda a Faransanci ake kira faranshiz. Sai a ƙarshe a raba saura: kamfani 80, kai 20. Wannan kashi 20 naka shi ne suke kira tike moderata.

Mu ɗauki misali. A ce ɗan wani malami a Garwa ya kwanta asibiti kwana uku. Kuɗin ɗaki 20,000 kowane dare, ya kama 60,000. Likita 30,000, gwaje-gwaje 70,000, magani 90,000. Jimla 250,000, kuma malamin ya biya daga aljihunsa ya kai rasidai. A ce yarjejeniyarsa ta ƙayyade kuɗin ɗaki a kan 12,000 kowane dare, faranshiz kuma 10,000 ne ga kowace jinya.

To, ɗakin nan da aka biya 60,000, kamfani 36,000 kawai ya sani, wato 12,000 sau uku. Ragowar 24,000 malamin ne ya ɗauke su gaba ɗaya, ba ma a raba su da shi. A cikin maganin kuma akwai na ƙarin jini da bitamin na 15,000 da mai kantin magani ya ba da shawara, ba sa cikin takardar likita, saboda haka an soke su, saura 75,000. Likita da gwaje-gwaje sun wuce yadda suke. In ka haɗa 36,000 da 30,000 da 70,000 da 75,000, adadin da kamfani ya amince da shi 211,000 ne. Cire faranshiz 10,000, saura 201,000. Kashi 80 na wannan shi ne 160,800. Ka ga babu wanda ya ci komai. Amma a zahiri abin da ya dawo wa malamin wajen kashi 64 ne kawai na abin da ya kashe, kuma mafi yawan giɓin da bai zata ba daga ɗaki da magani ya fito. Ni a ganina iyakar kuɗin ɗaki ta fi cancanta a duba kafin a kwanta, fiye da faranshiz ɗin da kowa yake ƙorafi a kai.

Akwai wata dabara da nake ganin ta fi sauƙi, ita ce a bi lissafin daga baya. Ɗauki kuɗin da aka biya ka, ka raba da 80 ka ninka da 100, sannan ka ƙara faranshiz. A misalinmu 160,800 zai koma 201,000, da ƙarin 10,000 ya zama 211,000. Wannan shi ne adadin da kamfani ya yi aiki da shi. In ya yi daidai da wanda ka fitar da kanka daga rasidai, shi ke nan. In bai yi ba, girman giɓin ma yakan nuna inda matsalar take.

A ce maimakon 160,800 an biya malamin 144,800, giɓin 16,000 ke nan. Kowace faranshiz ta 10,000 tana rage abin da za a biya da 8,000, tunda kashi 80 nata ne yake fita daga hannun kamfani. Giɓin 16,000 yana nufin an ƙara cire ta sau biyu. Yadda hakan ke faruwa kuwa, rasidin asibiti daban, na ɗakin gwaji daban, na kantin magani daban, sai mai shigar da bayanai ya ɗauki kowanne a matsayin jinya mai zaman kanta. In yarjejeniya ta ce ga kowace jinya, to cuta ɗaya ce, kwanciya ɗaya, faranshiz ɗaya, kuma kwanan watan da ke kan rasidan shi ne hujjarka. In kuwa ta ce ga kowane aiki ko kowace takarda, kamfani ne da gaskiya. Haka nan wasu yarjejeniyoyin sau ɗaya a shekara ake cirewa, saboda haka wanda aka cire masa a watan Maris ya lura kada a sake a Agusta.

In giɓin 2,000 ne cif, ba kuskure ba ne lallai, tsarin lissafi ne. Wani kamfanin yakan fara ɗaukar kashi 80 na 211,000, ya sami 168,800, sannan ya cire 10,000, saura 158,800. Duka hanyoyin biyu ana bin su, yarjejeniya ce take faɗin wacce. Bambancin kullum kashi 20 ne na faranshiz. A nan kaɗan ne, amma in faranshiz ta kai 50,000, ya zama 10,000.

Sai a kiyaye da wani abu kuma. In a kantin magani ka nuna kati aka karɓi kashi 20 kawai a hannunka, wannan rasidin ba na mayarwa ba ne, kasonka ne ka riga ka biya. Kuma kowace yarjejeniya tana da iyakar abin da za a biya a shekara. In an kusa cike ta, biyan zai tsaya a nan ko da sauran lissafin daidai ne.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da takardar bayanin lissafi, wadda suke kira dekont, mai nuna kowane layi: abin da aka kashe, abin da aka amince da shi, abin da aka soke da dalili. Saƙon waya mai cewa kuɗi sun shigo bai wadatar ba. Ka nemi dekont ɗin a wurin kamfanin ko dillalin inshorar, ko ofishin ma'aikata in ta wurin aiki aka yi maka. Kafin ka miƙa rasidai na asali, ka ɗauki hotonsu.

In ka ga kuskure, rubuta ƙorafi a takarda, ka sa lambar fayil, layin da kake jayayya a kai da sakin yarjejeniyar da ka dogara da shi, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Harkar inshora a Kamaru tana ƙarƙashin dokar CIMA, wadda aka sa hannu a yarjejeniyar kafa ta a Yawunde a 1992, kuma sashe na 28 na dokar ya sa wa'adin shekara biyu ga ƙarar da ta taso daga yarjejeniyar inshora. Wa'adin miƙa rasidai da kamfani yake sawa ya fi wannan gajarta sosai, yana rubuce a yarjejeniyarka. In kamfani ya yi shiru, mataki na gaba shi ne sashen kula da inshora na ma'aikatar kuɗi, da kwafin ƙorafinka mai hatimi da dekont ɗin a hannu.