Lissafin Jinkirin Fakiti a Hanyar Intanet

Saƙon da ke bi ta intanet ana yanyanka shi ne ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana kiransa fakiti. Duk na'urar rauta da fakiti ya ratsa, jinkiri iri huɗu ke samunsa, kuma jimlarsu ce lokacin da zai ɗauka kafin ya isa na'ura ta gaba.

Na farko shi ne na dubawa, wato lokacin da rauta ke karanta adireshin fakiti ta zaɓa masa hanya. Wannan bai cika kai ko milisakan ɗaya ba, alhali milisakan dubu ne ke yin sakan guda. Daga nan sai jiran layi, idan akwai wasu fakitoci a gabansa. Na uku shi ne na turawa: lokacin da ake ɗauka ana zuba fakitin cikin waya, daga bit na farko har na ƙarshe. Ana samunsa ta raba girman fakiti da saurin layin, `L/R`. Na huɗu shi ne na tafiya, `d/s`, wato tsawon waya a raba da gudun sigina, wanda a wayar faiba yake kusan kilomita 200,000 a sakan. Waɗannan biyun ne aka fi rikitawa, alhali babu ruwan na turawa da nisa, na tafiya kuma babu ruwansa da girman fakiti.

A ɗauka fakiti mai bayit 1,500 zai bi faiba mai tsawon kilomita 1,000, kwatankwacin Kano zuwa Legas ta hanyar mota, a kan layi mai megabit 10 a sakan. Bayit ɗaya bit 8 ne, don haka fakitin bit 12,000 ke nan; wanda ya manta wannan, amsarsa za ta gaza sau takwas. Idan aka raba 12,000 da 10,000,000, turawa ta ci milisakan 1.2. Tafiya kuwa, 1,000 a raba da 200,000, milisakan 5. A ce ya tarar da fakitoci biyar irinsa a gaba, na farkonsu yanzu aka fara tura shi: zai jira 1.2 sau biyar, milisakan 6. Dubawa a ba ta 0.05.

```
0.05 + 6 + 1.2 + 5 = 12.25 ms
```

Da za a ɗaga saurin layin zuwa megabit 100, turawa za ta koma 0.12, jiran fakitoci biyar ɗin ya koma 0.6, jimla ta zama 5.77. Milisakan 5 na tafiya dai suna nan, domin kuɗi ba ya rage nisa.

Jiran layi ne ya fi wuyar sha'ani, saboda yana canzawa daga fakiti zuwa fakiti. Da zarar abin da ke shigowa ya kusa cika ƙarfin layin, jira kan yi tsawo ƙwarai, in ma'ajiyar rauta ta cika kuma sai ta zubar da fakitoci. Umarnin `ping`, mai auna zuwa da dawowa, yana nuna hakan: lamba mafi ƙanƙanta ita ce kusan jinkirin hanyar in babu layi, hawa da saukar sauran lambobin kuma galibi cunkoso ne.