Takardar Makin Masu Kawo Kaya: Yadda Ake Auna Cika Alkawari da Ingancin Kaya

Takardar maki ita ce jadawalin da kamfani ke ajiyewa a kan kowane mai kawo masa kaya. A ciki ake rubuta yadda ya cika alkawarin lokaci da yawan kayansa da suka fito da aibi, sannan a ba shi maki duk wata ko duk wata uku. Kamfanin da ke bin ƙa'idar ISO 9001 wajibi ne ya riƙa tantance masu kawo masa kaya, ya kuma adana shaidar hakan. Lissafin ba shi da wuya. Inda gizo ke saƙar shi ne tsayar da ma'anar abin da ake aunawa.

A ɗauki misalin kamfanin casar shinkafa da ke sayen buhunan zuba shinkafa daga wurin mutum biyu. A cikin wata uku an ba kowannensu oda 20. Na farko ya iso a ranar alkawari sau 18, wato kashi 90 cikin 100. Na biyu ya iso sau 16, kashi 80 ke nan. A takarda na farko ne gwani. Amma da aka duba littafin mai sito, sai aka ga huɗu daga cikin lodi 18 ɗin nan ba su cika ba: an yi odar buhu 5,000, mota ta sauke 3,500, aka ce sauran na nan tafe. Idan aka ƙirga odar da ta zo a kan lokaci kuma a cike kaɗai, na farko ya faɗo zuwa 14 cikin 20, kashi 70. Na biyu, da bai taɓa kawo ragowa ba, yana nan a 80. Wannan ma'aunin na biyu ya fi gaskiya, domin da zarar buhu ya ƙare aiki ya tsaya. Da shi ne kamfanin Walmart na Amurka ya soma bin masu kawo masa kaya a 2017, har da tarar kashi 3 cikin 100 na kuɗin kayan da suka saɓa.

Ita kanta ranar alkawarin sai an daddale a kanta. Ranar da mai saye ya nema ce, ko ranar da mai kawowa ya amince da ita? Idan aka bar mai kawowa yana ɗage ranar duk lokacin da ya ga zai makara, makinsa zai yi kyau alhali sito wayam. Alamar wannan ita ce a ga maki na hawa, masu aiki kuwa na ta ƙorafin rashin kaya. Mafita ita ce a riƙe ranar farko da aka amince da ita a rubuce. Kayan da suka riga lokaci da yawa ma saɓawa ce, don suna cinye wuri suna ɗaure kuɗi. Haka nan idan mai saye ne ya canza oda a ƙurarren lokaci, ko ya bar mota a bakin ƙofa ba a sauke ba, wannan jinkirin ba ya hawa kan mai kawowa.

Yawan aibi kuwa ana samun sa ne ta hanyar raba adadin kayan da suka lalace da adadin da aka karɓa. A ce kowannensu ya kawo buhu 100,000. An sami 1,500 masu aibi a na farko, kashi 1.5, da 1,000 a na biyu, kashi 1. Amma 900 daga cikin na biyun daga lodi ɗaya suka fito, wanda ruwa ya jiƙa a hanya, yayin da na farko kowane lodinsa sai an tsinci masu sakwarkwataccen ɗinki. Matsalar na biyu tamfol ne maganinta. Ta na farko tana cikin injinsa. Saboda haka ake rubuta adadin lodin da abin ya shafa kusa da adadin buhunan. Nauyin aibi ma ya bambanta: buhun da tambarinsa ya ɗan kauce ana iya amfani da shi, wanda ya ɓarke bayan an zuba masa kilo 50 kuwa ya jawo asarar shinkafa. Irin wannan aibin ba ya bayyana a ranar karɓar kaya, don haka dole a san daga wane lodi kowane ɗaurin buhu ya fito.

Daga nan sai a haɗa maki, misali 50 ga inganci, 30 ga lokaci, 20 ga farashi. Jimilla takan ɓoye ɓaraka, domin arha na iya rufe rashin inganci. Shi ya sa ake sa iyaka: duk wanda aibinsa ya haura abin da aka amince da shi ya faɗi, komai yawan jimillarsa. Wanda ake ba oda biyu ko uku kacal a wata uku kuwa, makara ɗaya za ta zaftare masa sulusi ko rabin makin lokaci, don haka nasa lissafin na shekara guda ake yi.