Barasa da gyambon ciki: abin da yake gaskiya da abin da yake ji-ta-ji-ta

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Kunci da Bici, ba a cika kiran barasa da sunanta ba. Tun da Jihar Kano ta ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000, mai sha a ɓoye yake sha. Sau da yawa ma abin yana zuwa ne da rigar magani: ƙaramar kwalba ko leda mai ruwan ɗaci, a ce maganin basir ne, ko na ƙarfin maza, ko na wankin ciki. Wasu daga cikinsu saiwoyi ne da aka jiƙa a barasa mai ƙarfi, kuma idan aka duba jikin kwalbar akan tarar an rubuta adadinta da alamar %. Daga nan ne maganganu iri-iri suke tasowa, wasu da ƙamshin gaskiya, wasu babu.

An ce ruwan ɗacin nan yana wanke ciki ya kashe ƙwayoyin cuta. Wannan ƙarya ce. Tumbi yana fitar da ruwan asid mai ƙarfin narkar da nama, kuma abin da ya hana shi cin kansa shi ne wani yauƙi da ya lulluɓe fatarsa ta ciki, kamar yadda yaɓen makuba yake tsare katangar ƙasa daga ruwan damina. Barasa mai ƙarfi, irin ogogoro mai kaiwa kashi 40 cikin 100, tana ratsa wannan yauƙi ta ƙona fatar kai tsaye, sai asid ya samu kafar shiga. Fatar ta yi ja, ta kumbura, wani wurin ta sale har ta yi tsattsafin jini. Wannan shi ne kumburin tumbi. Ɗumin da mai sha yake ji yana sauka a ƙirjinsa, yana cewa magani ya fara aiki, ƙunar ce yake ji.

An taɓa ganin wannan da ido. A 1822 aka harbi wani saurayi mai suna Alexis St. Martin a ciki bisa kuskure, a Amurka. Ya rayu, amma raunin ya warke ya bar rami har cikin tumbi. Likitansa, William Beaumont, ya yi shekaru yana leƙa ramin, ya kuma wallafa abin da ya gani a 1833: idan mutumin ya yi kwanaki yana sha, fatar tumbin takan yi jajur da tabo-tabo, idan ya daina kuma sai ta koma daidai cikin 'yan kwanaki. Wani abin lura shi ne, wani lokacin tumbin yana cikin wannan hali amma mai shi bai ce yana jin wani ciwo mai yawa ba.

Masu burkutu da giyar kwalba kuma sukan ce nasu mai sauƙi ne, daga dawa aka yi, ba ya taɓa ciki. Gaskiya ne bai kai ogogoro ƙuna ba, tunda giyar kwalba ba ta cika wuce kashi 5 ba. Amma abin sha da aka tsima yana sa tumbi ya ƙara zubo asid, har fiye da yadda barasa mai ƙarfi take sa shi. Sannan kowace irin barasa tana sassauta zoben naman da yake rufe mahaɗar hanyar abinci da tumbi. Da zoben ya saki, sai ruwan tsami ya taso sama, inda babu yauƙin kariya. Ƙwannafi ke nan: zafin ƙirji, gyatsa mai tsami, wani lokaci tarin dare da dishewar murya, musamman ga wanda ya sha, ya cika ciki da tuwo, ya miƙe a tabarma.

Maganar da ta fi kowacce yin ɓarna, a ganina, ita ce wai barasa ce take kawo olsa. Ta sa ana yi wa marasa lafiya kallon zargi, ta sa mashayi yana zaton da ya daina shi ke nan. Yawancin gyambon ciki abu biyu ne suke haddasa shi. Na farko wata ƙwayar cuta ce da ake rubutawa H. pylori a takardar gwaji, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya a 1982, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Akan ɗauke ta tun ana yara, ta ruwa da abinci da cuɗanyar gida, kuma tana da yawa ƙwarai a ƙasar nan. Na biyu magungunan ciwon jiki ne irin su asfirin, ibufurofen da dikulofenak, masu rage yauƙin nan daga ciki. Don haka liman yana iya yin olsa, tsohuwar da ba ta taɓa jin warin giya ba tana iya yi. Yunwa da yaji ma ba su ne tushe ba, tayar da zafin suke yi. Aikin barasa shi ne ta tsananta gyambon, ta jinkirta warkewarsa, ta ƙara haɗarin ya zubar da jini.

A ɗauki misalin magidanci mai ƙodago a lokacin noman firi. Da asuba ya kurɓi ruwan ɗaci ciki babu komai. Da yamma jiki ya yi tsami, ya biya kemis aka ba shi haɗi mai dikulofenak da ibufurofen a ƙulli ɗaya. Ƙwayar cutar kuwa tana nan tun yana yaro. Bayan 'yan makonni sai zafi ya kama shi a ƙahon zuci, yana tashinsa tsakar dare. Ya sha nono ya ji sanyi, ya jiƙa kanwa ya yi gyatsa ya ji dama. Duka biyun suna kashe kaifin asid na ɗan lokaci, shi ya sa aka yarda da su, amma nono yakan sa tumbi ya sake zubo wani asid daga baya, kanwa kuma tana da sinadarin gishiri mai yawa da ba ya yi wa mai hawan jini kyau. Ba ɗayansu da yake taɓa ƙwayar cutar. Wata safiya sai ya ga bahayarsa ta fito baƙa ƙirin mai danƙo da mugun wari, yana miƙewa jiri ya ɗebe shi. Jini ne da ya zuba a tumbi ya narke kafin ya fita.

Da tun farko ya je asibiti, da hanyar ba ta da tsawo. A daina barasar da haɗin kemis, a koma farasitamol bisa ƙa'ida idan jiki yana ciwo, duk da shi ma ba ya jituwa da hantar mai sha da yawa. A yi gwajin bahaya don neman ƙwayar, kuma a gaya wa likita idan ana shan omefurazol, domin sai an tsayar da shi mako 2 gwajin yake faɗar gaskiya. In an same ta, magani haɗi ne na omefurazol da magungunan kashe ƙwayoyin cuta aƙalla iri biyu, yawanci kwana 14, a shanye duka ko da zafin ya tafi a kwana na uku. Idan akwai metronidazol a ciki, wanda aka fi sani da filajil, ba a haɗa shi da barasa ko kaɗan. Mai ƙwannafi kuma ya bar awa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya, ya ɗaga wajen kan gadonsa.

Aman jini ko amai mai kama da dusar kofi, baƙar bahaya, ciki ya sandare da zafi farat ɗaya, ramewa ba dalili, ko abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji, duk waɗannan ba na kemis ba ne. A nufi babban asibiti mafi kusa a ranar, daga can a tura mutum inda ake leƙa tumbi da na'ura, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda ya daɗe yana sha kullum kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai, don karkarwa da jijjiga na iya biyo baya, ya nemi likita ya taimaka masa. Kuma a gaban likita a faɗi abin da ake sha ba tare da kunya ba, in da hali a tafi masa da kwalbar ya karanta da kansa.