Yadda ake raba lambobin shafi a kundin digiri

Kundin digiri yana da lissafin shafi iri biyu. Shafukan farko, irin su sadaukarwa, godiya, tsakure da ƙumshiya, suna ɗaukar ƙananan lambobin Romawa: i, ii, iii. Da an shiga Babi na Ɗaya sai lissafi ya koma 1. Ɗalibai da yawa kan raba kundin gida biyu, ko su riƙa buga lamba da hannu shafi bayan shafi. Wannan wahalar banza ce, domin sakin layi ɗaya da malami ya sa a ƙara ya isa ya wargaza komai.

A manhajar Microsoft Word, tsarin lamba sashe yake bi. Muddin kundin sashe ɗaya ne, duk abin da ka canza a shafi guda zai shafi sauran. Shi ya sa Ctrl+Enter ba ya magance matsalar: sabon shafi kawai yake buɗewa a cikin sashen da kake.

A ce shafukanka na farko goma ne. Ka ajiye alamar rubutu dab da kalmar "Babi", ka shiga Layout, sai Breaks, ka zaɓi Next Page. Yanzu kundin ya zama sashe biyu. Koma shafukan farko, ka bi Insert, Page Number, Format Page Numbers, ka zaɓi i, ii, iii. Daga nan ka dawo Babi na Ɗaya, ka buɗe wannan akwati, ka zaɓi 1, 2, 3, ka rubuta 1 a gurbin Start at. Idan ka manta wannan gurbi, babin zai fara da 11, don Word zai ci gaba da ƙirga daga x.

Shafin take ana ƙirga shi amma galibi ba a nuna lambarsa. Kada ka goge ta da hannu, sauran ma za su bi ta. Ka danna ƙasan shafin sau biyu, ka kunna Different First Page. Shafi na gaba zai nuna ii.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne can gaba. Idan ka sake yanka sashe, misali don kwantar da shafin wani faffaɗan jadawali a Babi na Huɗu, sabon sashen kan gaji umarnin farawa daga 1. Alamarsa ita ce ka ga 1 ya sake bayyana a tsakiyar kundi. Ka shiga sashen, ka zaɓi Continue from previous section.

Kafin ka kai wa mai ɗab'i, danna Ctrl+Shift+8 don ganin inda kowane sashe ya yanke, sannan ka taɓa ƙumshiya ka danna F9 ta sabunta lambobinta, idan Word ne ya haɗa ta. Ka mayar da kundin PDF, ka duba shafin x da shafin 1 da idonka tun ba a ɗinke shi ba.